Kura-kuran da ake yi idan shafin farko da injin bincike suka canja da kansu

Shagona ba wani babba ba ne. Kwamfuta uku ce da firinta ɗaya da sola mai batir biyu, a wani gari da ke gefen Ringim. Amma duk wanda laftof ɗinsa ta fara rashin ji a wannan yanki, wajena yake nufowa, kuma ƙorafin da na fi ji shi ne: "Malam, na buɗe Chrome sai wani baƙon shafi ya fito, in na rubuta abu kuma ba Google ke ba ni amsa ba." Matsalar ba ta da wuyar magani. Abin da ke ba ni haushi shi ne ɓarnar da mutum yake yi da hannunsa kafin ya iso.

Kuskuren da kusan kowa ke farawa da shi, mutum ya shiga Settings, ya je Search engine ya mayar da Google, ya je On startup ya goge baƙon adireshin, ya ce shi ke nan. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Saiti ba ya canja kansa. Akwai abin da ya canja shi, kuma muddin yana nan a cikin kwamfutar, gobe da safe zai sake. Ni yanzu ba na taɓa saitin sai a ƙarshe. Ina ma barin baƙon shafin a wurin da gangan, don shi ne ma'aunina: ranar da na gyara, na kashe kwamfuta na kunna bai dawo ba, na san na taka wuyan abin.

To bari in faɗi nawa kuskuren, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Farkon buɗe shagon nan, babbar kwamfutata ta kamu. Na mayar da saiti sau uku yana dawowa. Zuciya ta ɗebe ni, na ce fomat zan yi mata in huta. Na kwashe abin da ke Documents na zuba a fulash, na manta da wata folda a kan Desktop inda nake tara aikin mutane: furojet ɗin ɗalibai biyu da na shafe mako ina bugawa, da hotunan fasfo na 'yan makaranta da ban riga na wanke ba. Garin gyaran gira na rasa ido. Rana guda cur ina ɗora Windows da direban firinta, ga hadari ya rufe rana, sai da na tayar da janareta na ƙona mai. Da na gama na sauko da Chrome sabo dal, na sa imel ɗina, ko minti biyar ba a yi ba sai ga shafin nan ya dawo yana kallona. Ashe wani ɗan ekstenshan ne, irin ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza, kuma Sync ɗina a kunne yake. Sync yana ajiye ekstenshan da saiti a asusunka, duk kwamfutar da ka shiga sai ya sauke maka kayanka, mai kyau da marar kyau. Na rushe ɗaki don in kori ɓera, ɓeran kuwa yana cikin buhun da na fitar waje. Furojet ɗin nan da kuɗina na sake bugawa, ɗaya daga cikin ɗaliban kuma bai ƙara tako ƙofar shagona ba.

Abin da ya kamata in yi bai fi minti biyu ba. Ka rubuta wannan a wurin adireshi na saman Chrome:

```
chrome://extensions
```

Duk abin da ba ka tuna ranar da ka saka shi ba, musamman mai ɗauke da kalma irin Search ko New Tab ko PDF a sunansa, ka danna Remove. Kuma ka cire shi Sync yana kunne, kana kan intanet, don a share shi har a asusun. Masu goge Chrome su sake saukowa, ku ma ku ji: data kawai kuke ƙonawa, domin yawancin wuraren da abin ke ɓuya ba a cikin Chrome ɗin suke ba.

Misali na kusa, alamar Chrome da ke kan Desktop. Danna ta da maɓallin dama, zaɓi Properties, duba layin Target. Ya kamata ya ƙare a nan:

```
"C:\Program Files\Google\Chrome\Application\chrome.exe"
```

In ka ga wani adireshi a bayan wannan, goge shi, ka kuma duba alamar da ke kan layin ƙasa, don ita ma daban take. Hanyar gane wannan ciwon: Settings tsaf yake, amma shafin yana buɗewa duk da haka.

Kuskure na biyu mai tsada shi ne raina rubutun nan da ke fitowa a ƙasan menu, Managed by your organization. A bara wani malamin firamare ya kawo mini laftof ɗinsa. Ya ga ekstenshan ɗin da idonsa, amma babu maɓallin Remove, ɗan makunnin kashewa ma ya ƙi motsi. Na nuna masa rubutun na ce, "Malam, wace ma'aikata ce ke kula da kwamfutar nan?" Ya ce, "Wallahi Alhaji da kuɗina na saya, ni kaɗai ke taɓa ta sai ƙanena." To ga bakin zaren. Chrome yana da wata ƙofa da aka yi don ofisoshi da makarantu, inda mai kula da kwamfutoci zai kafa doka ma'aikaci bai isa ya canja ba. Ta wannan ƙofar masu ɓarna suke shigowa. Dokar a rajistar Windows take zaune, wato rumbun da Windows ke ajiye saitunanta, shi ya sa Reset settings ba ya taɓa ta, sake ɗora Chrome ma haka.

Ga yadda muka bi. Na buɗe `chrome://policy` sai ga layi guda, ExtensionInstallForcelist, da wasu haruffa 32 a gabansa. Na koma shafin ekstenshan na kunna Developer mode, lambar ID ɗin wanda ya ƙi ciruwa ta yi daidai da su. Amma ban yi gaggawar gogewa ba, don ina son sanin wa ya rubuta dokar. Na tambaye shi yaushe abin ya fara, ya ce wajen mako biyu, lokacin da ƙanen nasa yake neman abin da zai mayar da PDF zuwa Word. Na danna maɓallin Windows da R, na rubuta `appwiz.cpl`, na danna kan Installed On don manhajojin su jeru bisa kwanan wata. Rana ɗaya manhaja uku suka shiga: mai juya PDF ɗin, da wasu biyu da babu wanda ya san su. Yaron ya yi ta danna Next, Next, bai karanta abin da yake amincewa da shi ba. Duka ukun na cire.

Mai gaggawa a nan yake tsayawa, ni ma da can a nan nake tsayawa. Sai na buɗe `taskschd.msc`, wato inda Windows ke ajiye ayyukan da za su tashi da kansu. A Task Scheduler Library na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba Actions. Akwai ɗaya mai suna kamar na sabunta burauza, amma fayil ɗin da yake tayarwa yana cikin wata folda mai sunan shirme a AppData, kuma an saita shi ya tashi duk lokacin da aka shiga kwamfutar. Shi ne mai dawo da dokar. Na fara yi masa Disable, daga baya na goge shi da foldar tasa. Kada ka bi ayyukan nan da share-share don kawai ba ka san sunansu ba. Na gaskiya suna da yawa a wurin, kuma suna kaɗai ba hujja ba ne, inda fayil ɗin yake da ranar da ya shigo su za ka haɗa.

Sai a lokacin na waiwayi rajista. Na buɗe Command Prompt ta Run as administrator, na fara ajiye kwafi kafin in goge:

```
reg export "HKLM\SOFTWARE\Policies\Google\Chrome" "%USERPROFILE%\Desktop\ajiya.reg"
reg delete "HKLM\SOFTWARE\Policies\Google\Chrome\ExtensionInstallForcelist" /f
```

In ya ce bai sami komai ba, ka gwada da HKCU a madadin HKLM. Na rufe Chrome na buɗe, sai na tarar ekstenshan ɗin ya ɓace da kansa. Bayan nan ne na shiga `chrome://settings/reset`. Mutane na tsoron wannan maɓalli, alhali ba ya goge Bookmarks ko tarihin shafuka ko kalmomin sirrin da ka adana. Yana mayar da shafin farko da injin bincike, ya kashe sauran ekstenshan, ya share kukis, don haka za ka sake shiga shafukan da ka saba. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba, takardun sakamakon 'yan ajinsa ko ɗaya bai ɓata ba.

Gargaɗi ɗaya a nan: in kwamfutar ta ofis ce ko ta makaranta ko wata ƙungiya ce ta ba ka, rubutun Managed na iya zama na gaskiya. Kai ta wurin mai kula da ita, kada ka taɓa musu rajista.

Yanzu ku yaran shago, da ku nake. Tsakani da Allah, me ya kai ka danna ƙaton koren Download a shafin da ke da irinsa guda huɗu? Me ya kai ka ɗora manhajar da aka fasa daga fulash ɗin abokinka, har ka kashe anti-bairos da hannunka don ta shiga? Ka buɗe ƙofa ka ɗaure kare, sannan ka zo kana salati. Kuma mafi ban takaici, in abin ya same ku sai ku rubuta "maganin bairos kyauta" a cikin wannan injin binciken da aka sace, ku sauko da abin da ya fara nuna muku. Ɓarawon da ya shiga gidanka kake tambaya inda ake sayar da kwaɗo. A shagona dokar ita ce, yara suna aiki da asusun Standard, kalmar sirrin Administrator a kaina take. Wasu abokan sana'a suna cewa takura ce, kuma na yarda ba ta tare komai, don ekstenshan na shiga ko babu ita. Amma tun da na fara, na rage zama gyara.

Don wanke sauran datti, Full scan na Windows Security ya ishe ni, wani lokaci in bi da AdwCleaner, wanda nake saukowa daga shafin masu shi kawai. Kada ka tara anti-bairos biyu suna aiki tare, kwamfutar nauyi za ta yi.

In kana da Edge ko Firefox a gefe, su ma ka leƙa, `edge://policy` da `about:policies`.

Masu waya kuma, Chrome na Android ba ya ɗaukar ekstenshan, don haka kada ka wahala nema. Tallan da ke faɗo maka daga sama galibi wani shafi ne ka danna wa Allow; je Site settings, Notifications, ka toshe shi, sannan ka duba manhajar da ka saka kwanan nan.

Malamin nan, kafin ya tafi na sa ya canja kalmar sirrin imel ɗinsa, domin ekstenshan mai izinin karanta duk shafukan da ka buɗe zai iya ganin abin da ka rubuta a cikinsu, shi kuma mako biyu ya yi yana aiki da shi a haka. Na ce ya kashe laftof ɗin ya kwana, in ya kunna da safe ya kira ni. Ya kira bayan sallar Azahar ya ce Google ne ya fito, sai dai ƙanen nasa yana tambaya da me zai riƙa juya PDF yanzu. Na ce ya buɗe fayil ɗin da Word kai tsaye, tun na 2013 yake iya wannan.