Darasi na Tara: Waya a Matsayin Tafinta

Kowace shekara akwai maniyyata a ajinmu, kuma abin da ya fi damunsu shi ne karanta alluna da yi wa Balarabe bayani. Manhajar Google Translate tana taimakawa a duka biyun. An sa Hausa a cikinta tun 2013. Amma a gida ake koyon aiki da ita, ba a tsakiyar cunkoson Makka ba.

Mu fara da kyamara. Nemi kwalin dabino na tsarabar alhazai. Buɗe manhajar, za ka ga sunayen harsuna biyu. Na hagu shi ne harshen da ke jikin kwalin, sai ka zaɓi Arabic. Na dama kuma Hausa. Taɓa alamar kyamara, ka saita ta a kan rubutun, ka tsayar da hannunka cik. Fassarar za ta hau kan Larabcin. Idan kalmomin suna ta tsalle suna canzawa, to wayar ba ta gani sosai: ko hannu na rawa, ko leda na ƙyalli, ko gilashin kyamarar ya sha ƙura. Goge shi da gefen riga, ka koma inuwa, ka ɗauki hoton domin rubutun ya tsaya. Rubutun hannu da na ado suna yawan rikita ta.

Ka kuma riƙa duba inda kake. Kalmar مخرج a saman ƙofa tana nufin mafita, ko da yake mu ɗaliban allo mun fi saninta a wajen makharijin haruffa. Kalma ɗaya tilo ta fi saurin ɓatar da waya fiye da cikakkiyar jimla.

Magana kuwa tana son data da wuri mara hayaniya. Juya harsunan, Hausa ta koma hagu. Taɓa alamar makirfo, ka yi magana a hankali, jimla ɗaya gajera. Misali ka shiga kantin magani. Kada ka ce "cikina ya ɓaci", don wayar tana iya fassara shi kalma da kalma. Ka ce "Ina gudawa tun jiya." Karin magana da zaurance a bar su a gida.

Kafin ka miƙa wa mai kanti, karanta Hausar da wayar ta rubuta. Idan ta ji "gudu" maimakon "gudawa", Larabcin ma ya karkace, sai a sake. In ta yi daidai, taɓa alamar lasifika ya ji. Adadin ƙwayoyi da kuɗi kuma, a rubuta maka su da lambobi, ka nuna wa likitan tawagarku.

Aikin gida: kowa ya fassara allo ɗaya na Turanci a asibiti ko tashar mota, ya kwafo fassarar a littafinsa ranar Asabar.