Kurakuran da Ke Hana Fillet da Shell Aiki a Zanen 3D, da Yadda Sauya Jerin Matakai Ke Gyara Su

Manhajojin zanen injiniya irin su SolidWorks da Fusion 360 da Onshape suna ajiye siffa a matsayin jerin umarni, kuma duk lokacin da aka taɓa wani abu, sai su sake gina ta suna bin jerin umarnin har zuwa na ƙarshe. Kowane umarni yana ganin abin da aka yi kafinsa ne kawai. Saboda haka idan Fillet, mai lanƙwasa gefe, ko Shell, mai rarake cikin abu ya bar bango, ya fito da jan gargaɗi, sau da yawa lambar da aka rubuta daidai take, matsayin umarnin a jeri ne ya ɓaci. Abin takaici, masu koyo sukan yi ta rage lambar har manhaja ta karɓa, su tashi da kayan da ba shi suka yi niyya ba.

Mu ɗauki akwatin roba na ajiye allon lantarki: tsawo milimita 120, faɗi 80, tsayi 40, kaurin bango 2, kusurwoyin tsaye huɗu kuma a lanƙwasa su da Radius na milimita 10.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi Extrude don samar da dunƙulallen akwatin, a yi Shell, sannan a koma a lanƙwasa kusurwoyin waje. Bayan an rarake akwatin, kusurwar ciki tana nan da kaifinta, kuma tazarar da ke tsakaninta da kusurwar waje kusan milimita 2.83 ce. Shi kuwa Fillet a kan kusurwa mai digiri 90 yana cin kusan kashi 41 cikin 100 na Radius ɗinsa daga wannan tazara, wato na milimita 10 yana cin 4.14. Ya wuce naman da ke wurin, don haka ko dai manhaja ta ƙi, ko ta huda bangon. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne lokacin da ba ta ƙi ba. Idan mai zane ya rage zuwa milimita 5, gargaɗi zai ɓace, siffar ta yi kyau daga waje, amma kusurwar da ya kamata ta kasance milimita 2 ta koma kusan 0.76, kuma nan ne akwatin zai fara tsagewa idan ya faɗi ƙasa. Ba a ganin wannan sai an yanka siffar da Section View an duba kusurwar da kyau. Gyaran bai wuce jan Fillet ɗin zuwa saman Shell a jeri ba. Da zarar an yi haka, Shell zai tura lanƙwasasshiyar fuskar ciki da milimita 2, kusurwar ciki ta samu lanƙwasa ta 8 da kanta, kauri ya zama ɗaya ko'ina.

Wanda ya koyi wannan darasi yakan zarce gona da iri, ya kwashe kowane Fillet ya kai saman Shell, sai ya faɗa cikin kuskure na biyu. Lissafin Shell a kan gefen da ya kumburo waje shi ne lanƙwasar waje a cire kaurin bango. Idan 10 ce aka cire 2, saura 8, babu damuwa. Idan kuwa an riga an ɗan kashe kaifin wani gefe da milimita 1, to 1 a cire 2 ya faɗa ƙasa da sifili, ma'ana fuskar cikin ba ta da inda za ta zauna, sai ta naɗe a kan kanta. A siffa mai sauƙi manhaja takan jefar da wannan fuska ta haɗa maƙwabtanta, shi ya sa wasu ke ganin kamar dokar ba ta aiki, amma inda ƙananan lanƙwasa uku suka haɗu a kusurwa ɗaya, ko a kan fuska mai karkata, yawanci Shell ya kan tsaya cak. Hanyar gane wannan ita ce a rage kauri zuwa 0.5 don gwaji, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Adadin da ya fara ƙi yana nuna girman lanƙwasar da ke kawo cikas. A SolidWorks, Check yana da zaɓin Minimum radius of curvature da ke nuna wurin kai tsaye. Ma'aunin a nan shi ne kaurin bango: lanƙwasar waje da ta fi shi girma ta zo kafin Shell, wadda ba ta kai shi ba ta zo bayansa.

Tsakanin Fillet da ɗan'uwansa ma akwai jeri. Manhaja tana lissafa lanƙwasa ne kamar ƙwallo mai wannan girma yana gangarawa a jikin gefen yana taɓa fuskokin biyu, don haka tilas ya samu fili a kowane ɓangare. A akwatinmu, idan aka fara da kusurwoyin tsaye na 10, gefen gindi zai zama zobe ɗaya mai santsi, kuma Fillet na milimita 5 zai zagaye shi da zaɓi ɗaya ta hanyar Tangent propagation. Idan aka fara da gindin, manhaja ce za ta ƙirƙiro faci a kowace kusurwa, kuma irin wannan faci ne Shell ya fi sha wahala a kansa. Babba ya riga ƙarami. A bakin akwatin kuwa, inda faɗin fuskar milimita 2 ne kacal, lanƙwasa ta 1 ta ciki da ta waje za su cinye fuskar gaba ɗaya, wanda wasu manhajoji ba sa karɓa. Sai a yi 0.5, ko a yi amfani da Full Round Fillet idan zagayayyen baki ake so.

Idan za a zuba robar a mazubi, Draft, wato ɗan karkatar da bango da digiri 1 ko 2 don kayan ya fita, ya zo kafin kowace lanƙwasa, domin da wuya a karkatar da fuskar da aka riga aka haɗe ta da gindi ta lanƙwasa. Ramuka kuma su jira bayan Shell. Ramin wayar da aka huda tun akwatin yana dunƙule, Shell zai ɗauke shi a matsayin fuska, ya gina masa bango, sai a tarar da bututu a cikin akwatin maimakon ƙofa. Haka ma ginshiƙan sukurori da haƙarƙarin ƙarfafa bango, a bayan Shell ake tsayar da su. Jerin akwatinmu ke nan:

```
Extrude
Draft
Fillet 10
Fillet 5
Shell 2
Rib
Hole
Fillet 0.5
```

Wani lokaci ana jan umarni ya ƙi matsawa, kuma dalilin shi ne dogaro. Umarni ba ya hawa saman wanda ya haife shi. Idan an yi Sketch a kan fuskar cikin da Shell ya samar, ko an ɗaure ma'auni a jikin gefen da Fillet ya ƙirƙiro, to an ɗaure su ke nan. A SolidWorks, Parent/Child yana nuna wa ke dogara da wa, sai a mayar da Sketch ɗin kan Top Plane ko wani fili na asali da Edit Sketch Plane, a sake ɗaure ma'aunin a kan Origin. Idan sabon umarni ake son sakawa a tsakiya, a ja sandar Rollback sama, ko alamar Timeline baya a Fusion 360, a yi aikin a wurin, sannan a sauko da ita mataki-mataki. Bayan kowane sauyin jeri, wasu gefuna kan ɓace wa Fillet na ƙasa saboda gefen da ya sani an raba shi ko an shafe shi, sai a buɗe shi a sake zaɓa. A fara gyara jan gargaɗin da ya fi kusa da saman jeri, domin sau da yawa na ƙasa duk shi ya jawo su, sannan a sake yanka kusurwar da Section View a auna kaurin, a tabbatar milimita 2 ɗin na nan.