Yadda ake soke rajistar Google One ba tare da asarar hotuna da takardu ba

Mutane da yawa na tsoron soke rajistar Google One, wato ƙarin wurin ajiya da ake biyan Google kuɗinsa, wai da zarar an daina biya komai zai goge. Ba haka ba ne. Kayanka suna nan, amma asusun zai cije, kuma cijewar ce ke cutar da mai sana'a.

A ce kai mai ɗaukar hoton biki ne a Birnin Kebbi, kana biyan tsarin gigabait 100, ka tara gigabait 62: hotuna da bidiyo 48, takardu da ajiyar WhatsApp 10, saƙonnin Gmail 4. Idan ka soke, za ka ci gaba da morar wurinka har kwanakin da ka biya su ƙare. Daga nan sai ka koma gigabait 15 na kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa tsakaninsu. Ke nan ka haura da gigabait 47.

Daga ranar, sabon hoto ba zai hau ba, ajiyar WhatsApp za ta tsaya, kuma Gmail zai daina aikawa da karɓar saƙo. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, domin ba ya zuwa da hayaniya. Banki ya turo saƙo, wani daga Argungu ya turo neman aiki, saƙon ya koma wa mai shi, kai kuwa kana ganin shiru ne kawai. Tsofaffin kayan kana iya buɗe su ka sauke. Sai dai a ƙa'idar Google, wanda ya shekara 2 yana sama da iyaka ana iya goge masa kaya.

Don haka aikin kafin sokewa ake yin sa. Fara da buɗe one.google.com/storage ka ga abin da ya cinye wurin. A misalinmu hotuna ne, su za ka fara kwashewa.

Sai ka shiga takeout.google.com, shafin da Google ke haɗa maka kwafin kayanka a ƙunshi-ƙunshi, ka danna Deselect all, ka zaɓi Google Photos da Drive kawai. Za a tambaye ka girman kowane ƙunshi. Zaɓi gigabait 2 ko 4, kada ka ɗauki 50, saboda idan netwok ya yanke ana tsakiyar sauke babban ƙunshi, data ta tafi a banza. Haɗa kayan na iya ɗaukar sa'o'i, wani lokaci kwanaki, sannan a turo maka mahaɗar saukewa ta Gmail. Mahaɗar tana mutuwa bayan kamar mako guda, shi ya sa ba a neman ta sai an tanadi data da wuta. Kada ka sauke a waya. Nemi kwamfuta da babban faifan ajiya na waje, ka zauna inda intanet ke da ƙarfi.

Bayan saukewa, buɗe ƙunsoshin ka duba da idonka. Kunna bidiyo biyu ko uku har ƙarshe, ka duba hotunan kowace shekara. Ƙunshin da ya ƙi buɗewa bai sauka duka ba, sake sauke shi. In da hali ka yi kwafi na biyu a wani faifan, tunda hotunan auren mutane ba a sake ɗaukar su.

Yanzu ne za ka fara gogewa, kuma a nan ake yawan kuka. Idan ka goge hoto daga cikin manhajar Google Photos a waya, yana tafiya har da kwafin da ke kan wayar. Kada ka taɓa komai sai ka tabbatar yana kan faifanka. Ka kuma zubar da Trash, wato kwandon shara, domin a Gmail da Drive abin da ke cikinsa ana ƙirga shi. Ci gaba har lissafin ya sauko kamar gigabait 12, saƙonni su sami wurin shiga.

Sokewar kanta minti biyu ce: Play Store, hoton asusunka, Payments & subscriptions, Subscriptions, Google One, Cancel subscription. Cire manhajar daga waya ba sokewa ba ce, za a ci gaba da cirar kuɗi a katinka.

Manhajojin sauraro nasu ya fi sauƙi. Wanda ya soke Spotify Premium, jerin waƙoƙi ko karatun da ya tsara yana nan a asusunsa na kyauta, amma abin da ya sauke don ji ba da data ba zai daina kunnuwa, domin aro ne aka ba shi. Abin kiyayewa shi ne kada ka haɗa soke biya da rufe asusu. Rufe asusu shi ke tafiya da jerin da sauran bayananka, kuma idan asusun Google ka rufe, adireshin Gmail ɗin da banki ya san ka da shi ma ya tafi.