Yadda za a yanke hoton fuska a cire abin da ke gefe

Ka ɗauki hoto mai kyau, sai ga kafaɗar wani ta leƙo ta gefen hagu.

Da farko ka kwafi hoton, ka yi aiki a kan kwafin. Buɗe shi, danna Edit, sannan Crop. Kada ka ja gefuna da ka. Zaɓi 1:1, wato faɗi da tsawo daidai, domin shi yawancin manhajoji ke so.

Ana auna hoto da ɗigo, wato pixel, ƙananan ɗige-ɗigen da suka haɗu suka zama hoton. A ce hoton faɗinsa ɗigo 4000 ne, tsawonsa 3000. Zaɓar 1:1 kaɗai zai zubar da ɗigo 1000 daga faɗin, rabi kowane gefe. Tura hoton zuwa hagu har kafaɗar ta fita daga akwatin da ke nuna iyakar yankan. In ta ci ɗigo 700 ne, shi ke nan. In ta wuce 1000, dole ka ja kusurwa ka rage akwatin, amma kada ka matse har fuskar ta dusashe.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne da'ira: manhajoji da yawa suna nuna hoton a zagaye, kusurwoyi huɗun su ɓace. Don haka fuska ta zauna a tsakiya, ka bar ɗan fili saman kai. In guntun kafaɗar ya rage can cikin kusurwa, ƙyale shi, da'irar za ta haɗiye shi.

Sai ka adana.