Darasi na 6: Hayaƙin Girki da Ƙaiƙayin Maƙogwaro

Wata mata takan yi girki sau biyu a rana a ɗaki mai ƙofa ɗaya, babu taga. Kafin tukunya ta tafasa idonta ya yi ja yana zubar da hawaye, maƙogwaronta na ƙaiƙayi, tana ta gyaran murya. Da dare sai busasshen tari. Ta sha maganin mura har ta gaji. Amma ranar da ba ta hura wuta ba, lafiya lau take kwana. Wannan ita ce alamar: ba mura ba ce, hayaƙi ne.

Hayaƙi na ɗauke da ƙananan ɓurɓushin da ido ba ya gani. Su ne ke manne wa maƙogwaro, su busar da shi, har murya ta dushe. Ku ɗaga kai ku dubi baƙin da ya taru a rufin ɗakin girki. Irinsa ne mai girki ke shaƙa.

Ɗanyen itace ne babban mai laifi. Ruwan da ke cikinsa yana hana wuta ci sosai, sai ta yi ta turnuƙewa. Gane busasshe ba wuya: ba shi da nauyi, bakinsa ya tsattsage, in kuma aka buga biyu sai a ji ƙas-ƙas. Ɗanye yakan yi kumfa a baki in ya ji wuta. Matar nan ta koma faskare itacenta ƙanana, tana jingine shi a rana, inda ruwan sama ba ya taɓa shi. Ta daina cusa wa murhu itace har ya toshe, tana kwashe toka domin iska ta samu hanya. Leda da roba kuwa, don Allah kada a hura wuta da su. Hayaƙinsu guba ne.

Ta sa aka huda mata taga a sama, daf da rufi, tana kallon ƙofa, tunda hayaƙi sama yake yi. In babu ruwa, waje take girkinta, iska na bayanta. Yara kuma nesa da murhu.

Gawayi ya fi yin hayaƙi lokacin kamawa, saboda haka a hura shi a waje. Amma kada rashin hayaƙi ya ruɗe ku. Jan garwashi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kisa. Kada a taɓa kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Wanda ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya kusa da wuta, a fitar da shi waje nan take, a kai shi asibiti.

Kurɓar ruwan ɗumi na rage ƙaiƙayi. In tari ya wuce mako 2, ko aka ga jini a kaki, ko numfashi na sarƙewa, a je a yi gwaji.

Aiki: Yau in kun hura wuta, ku lura ta ina hayaƙin ke fita. Ku rubuta abin da kuka gani cikin jimla 2.