Darasi Na Takwas: In Wani Shafi Ya Sake Buga Rubutunka

To jama'a, yau za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wata baiwar Allah tana da ɗan shafinta na intanet inda take rubutu a kan kiwon kaji, ta zauna ta rubuta bayani mai tsawo kan yadda ake rainon 'yan tsaki a satin farko, zafin ɗaki, ruwan sha, abinci, komai da komai. Sai wani babban shafin labarai ya gani ya ce don Allah a ba su izini su saka a nasu, ita kuma ta ji daɗi ta ce bismillah. Bayan sati biyu ta rubuta kan maganar a Google, sai ga na babban shafin a sama, nata kuwa ko ƙyallinsa babu. Ba sata aka yi mata ba tunda ita ta bayar da hannunta, amma masu karatu duk can suke tafiya.

Abin da ya faru shi ne rubutu ɗaya yanzu yana zaune a adireshi biyu. Shi Google in ya ga shafuka biyu da maganarsu iri ɗaya ce ba ya son jera su duka a gaban mai bincike, sai ya haɗa su wuri guda ya zaɓi ɗaya ya ce wannan ne na asali, ɗayan ya ajiye shi gefe. Wasu na cewa hukunci ne ake yi wa mai shafi saboda maimaici, a'a, ba tara aka ci ta ba, zaɓi kawai aka yi kuma bai faɗo kanta ba. Babban shafin ya daɗe, wurare da yawa suna nuni zuwa gare shi, Google na leƙa shi akai-akai, ita kuwa nata sai jefi-jefi. Har ma yana yiwuwa kwafin ya fara gani kafin ya ga nata.

Maganin da aka fi sani layi ɗaya ne da ake kira alamar `canonical`. Google da Yahoo da Microsoft ne suka sanar da ita tare a watan Fabrairu 2009, sannan a Disamba na shekarar Google ya ce za ta iya aiki daga wani shafi zuwa wani shafin daban. Ga yadda take:

```html
<link rel="canonical" href="https://example.com/rainon-tsaki/">
```

Ma'anarta kamar mutum ne ya liƙa takarda a ƙofar shago cewa kayan nan ba nawa ba ne, mai su yana can, ga kwatancen gidansa. Adireshin da ke cikin `href` na mai kiwon kajin ne, wato inda rubutun ya fara fita.

Nan ne fa mutane ke rikicewa, ku saurara da kyau. Wannan layin a shafin waɗanda suka kwafa ake saka shi, ba a nata ba. In ta saka a nata kaɗai tana nuna kanta, hakan ba laifi ba ne, mai kyau ne ma, amma bai ce komai game da kwafin ba. Ita ba ta da makullin gidansu, don haka tun ranar da suka nemi izini ya kamata ta kafa sharaɗin, kafin a buga, domin bayan an buga sai ka yi ta bin edita a waya yana ce maka in sha Allahu gobe. In WordPress suke amfani da shi da Yoast SEO, a ƙasan wurin rubutu akwai sashen `Advanced`, ciki akwai akwatin `Canonical URL`, manna adireshin kawai za su yi, aikin minti ɗaya ne. Shi dandalin wallafa rubutu na Medium ma in aka shigo da rubutu ta `Import a story` da kansa yake sakawa.

Sun ce mata sun saka. To kar ta tsaya a kan maganar baki, ta duba da idonta. A kwamfuta ta buɗe kwafin nasu ta danna `Ctrl+U`, rubutu zai fito birjik mai tsoratarwa, kar ta damu ba karanta shi za ta yi ba, ta danna `Ctrl+F` ta rubuta `canonical`. Abu na farko ta ga sau nawa layin ya fito. Sau da yawa manhajar shafinsu ta riga ta saka nata da ke nuna su, mai gyara kuma ya zo ya ƙara wani da hannu yana nuna ta, sun zama biyu suna musu da juna, kuma in haka ta faru Google na iya watsar da su duka. Sai ta duba ko layin yana sama, tsakanin `<head>` da `</head>`, don in ya faɗo cikin jikin rubutu ba a kula shi. Na ƙarshe adireshin ya zama cikakke tun daga `https://`, kuma na wannan rubutun ne takamaimai. Na sha ganin an nuna shafin farko na gidan gaba ɗaya, kamar ka tambayi gidan mutum a ce maka ai a Kano yake.

A ce duk wannan ya yi daidai. Har yanzu akwai sauran rina a kaba, domin alamar nan shawara ce ake ba Google, yana iya ɗauka yana iya ƙi. Yakan ƙi musamman in shafukan biyu ba su yi kama sosai ba, misali editan can ya canza kan labari, ya datse sakin layi uku, ya ƙara gabatarwarsa, ga tallace-tallace da jerin wasu labarai zagaye da rubutun, sai na'ura ta ga kamar abu biyu ne daban. Shi ya sa a 2023 Google ya gyara bayaninsa ya ce ga rubutun da ake bai wa abokan hulɗa su sake bugawa, ba ya ba da shawarar dogaro da `canonical`, abin da ya fi aiki shi ne su hana kwafin shiga bincike baki ɗaya da wannan layin:

```html
<meta name="robots" content="noindex">
```

Shi wannan umarni ne da Google ke bi. Masu karatun babban shafin za su ci gaba da ganin rubutun in sun shiga gidan ko aka turo musu a WhatsApp, a bincike ne kawai ba zai fito ba. Sai dai gaskiya ba kowane babban shafi zai yarda ba, tunda su ma masu zuwa daga Google suke nema. In sun ƙi, a ganina ta roƙi abu biyu, su saka `canonical` ɗin, kuma su jinkirta bugawa har sai nata ya fara fitowa a bincike. Kuma su zaɓi ɗaya tsakanin layukan nan biyu, kar su haɗa su a shafi guda. Ita kuma ta kiyaye kar garin gwaji ta manna `noindex` a nata shafin, da kanta za ta ɓatar da rubutunta.

Yadda za ta san wanda Google ya zaɓa kuwa, ta shiga Google Search Console na shafinta, ta manna adireshin rubutun a `URL Inspection`. Za ta ga layi biyu, `User-declared canonical` shi ne wanda shafinta ya faɗa, `Google-selected canonical` shi ne wanda Google ya ɗauka. In zaɓin ya tsaya a kan nata shi ke nan. In ta ga an rubuta `Duplicate, Google chose different canonical than user`, an fifita wani adireshin a kan nata. Kuma ko an gyara yau ba yau za a ga canji ba, sai Google ya sake ziyartar shafukan biyu, abin kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

Aikin gida: kowa ya buɗe labari ɗaya a kowane shafin labarai, ya nemo layin `canonical`, ya kwafe adireshin da ke cikin `href` a littafinsa, ya gwada shi da adireshin da ke saman burauza. Mai amfani da wayar Android ya gwada rubuta `view-source:` kafin adireshin a Chrome. Ku zo da abin da kuka samu mako mai zuwa, mu ga ko akwai wanda ya ci karo da layi biyu.