Kurakuran da aka fi yi wajen karanta NMR na esta mai sauƙi

A ce an ba ka sifektiram na ¹H NMR, aka ce sinadarin esta ne mai fomula C₄H₈O₂, an narkar da shi a CDCl₃. Sigina uku ne: mai tsini huɗu a 4.12 ppm, mai tsini ɗaya a 2.05 ppm, da mai tsini uku a 1.26 ppm. Lambobin intagireshan da ke ƙarƙashinsu su ne 1.0, 1.5 da 1.5. A wannan ɗan sifektiram ɗin ɗalibai da yawa suke tuntuɓe.

Tuntuɓen farko a intagireshan ne. Wani ya ga 1.0 sai ya rubuta haidirojin ɗaya, ya ga 1.5 sai ya rasa yadda zai yi da rabin haidirojin. Na'ura ba ta ƙirga haidirojin, faɗin filin da ke ƙarƙashin kowace sigina take aunawa, ta kwatanta shi da na sauran. Ka tara lambobin: 1.0 + 1.5 + 1.5 = 4.0. Fomula ta ce haidirojin 8 ne, don haka kowane 1.0 haidirojin 2 ne, rabon ya zama 2 : 3 : 3. Kada tsayin tsini ya ruɗe ka. Siginar 2.05 ta fi ta 1.26 tsayi, amma duk haidirojin 3 ne, ita ta 1.26 ta raba filinta gida uku ne kawai. Kuma in ka ga ɗan tsini a 7.26 ko wajen 1.56 ppm, kada ka sa shi a lissafi: na farko ragowar CHCl₃ ne, na biyu ruwa ne.

Tuntuɓe na biyu shi ne ɗaukar yawan tsini a matsayin haidirojin ɗin siginar kanta. Tsini huɗu labarin maƙwabta yake bayarwa. Dokar n + 1 ta ce in kabon da ke kusa yana riƙe da haidirojin n masu kama ɗaya, sigina za ta rabu gida n + 1. To siginar 4.12 tana da haidirojin 2 nata na kanta, maƙwabcinta kuma yana da 3. Ta 1.26 tana da 3, maƙwabcinta 2. Haɗa su, ka samu CH₃CH₂. In kana son tabbaci, auna tazarar da ke tsakanin tsini da tsini a siginonin biyu. Dole ta zo daidai, wajen 7 Hz, wato kusan 0.018 ppm a na'urar 400 MHz. Ita kuwa ta 2.05, CH₃ ce da ba ta da maƙwabci mai haidirojin.

Kuskure na uku shi ne ya fi damuna, domin mai yin sa ya yi duk aikin da ya gabata daidai. Ya samu CH₃CH₂, ya samu CH₃, ragowar fomula kuma COO ce, sai ya jera su yadda hannu ya kai. Alhali jeri biyu ne ke yiwuwa: CH₃COOCH₂CH₃ da CH₃CH₂COOCH₃. Dukansu suna ba da tsini huɗu, ɗaya da uku. Dukansu rabon 2 : 3 : 3 ne. Rabuwar tsini da intagireshan ba za su taɓa raba maka wannan gardama ba, tunda a esta irin wannan ba a ganin rabuwa ta ƙetare COO daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Abin da zai raba ta shi ne inda kowace sigina ta zauna. Oksijin yana janye ilektoron daga kabon da ke manne da shi, sai haidirojin ɗin wannan kabon su matsa hagu a sifektiram, wato wajen manyan lambobi, tsakanin 3.6 da 4.2 ppm. Waɗanda ke gefen C=O janyewar ba ta kai haka ba, sukan tsaya tsakanin 2.0 da 2.4. Saboda haka ka tambayi kanka: wace sigina ce ta fi matsawa hagu, kuma tsini nawa gare ta? A namu, mai tsini huɗu ce a 4.12, wato CH₂ ce ke manne da oksijin, CH₃ ta 2.05 kuma tana jikin C=O. Sinadarin CH₃COOCH₂CH₃ ne. Da ɗaya jerin ne, da mai tsini ɗaya ce za ta koma wajen 3.67 ppm a matsayin OCH₃, mai tsini huɗu ta sauko wajen 2.32, mai tsini uku ta tsaya kusa da 1.14.

Akwai wasu esta biyu masu wannan fomula, HCOOCH₂CH₂CH₃ da HCOOCH(CH₃)₂, amma ba su da wuyar fitarwa. Kowannensu zai nuna haidirojin 1 a wajen 8.0 ppm, kuma sifektiram ɗinmu babu komai a wurin.